Ɗan Jarida, Abin da Ka Cire Yana Iya Ceton Rai

A watannin Mayu da Yunin 2019 da wuya ka buɗe jarida a ƙasar nan ba ka ci karo da sunan wani maganin ƙwari ba. Matasa ne ke ta mutuwa, da yawansu ɗalibai, kuma kusan kowane labari sai ya faɗi abin da mamacin ya sha, ya sa hoton kwalbar, wani ma har ya kwafo saƙon bankwana da marigayin ya bari a Fesbuk, ya buga shi kalma da kalma. Kafin a ankara sunan maganin ya zama karin magana a bakin yara, wanda aka ɓata wa rai kaɗan sai ya ambace shi cikin raha. A watan Yuni hukumar NAFDAC ta ba da sanarwar hana sayar da ƙananan kwalabensa a kantuna da kasuwanni. Wannan aikinta ne, ta kuma yi daidai, domin nesanta guba daga hannun mutane na rage mutuwa. Ƙasar Sri Lanka ta hana magungunan ƙwari mafi haɗari, sai yawan masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 daga tsakiyar shekarun 1990. To amma hukuma kwalba kawai take iya janyewa daga kanti. Sunan da ya shiga kunnen miliyoyin mutane kuwa ta hannun masu sana'armu ya shiga, shi ya sa ba za ku ji shi a wannan rubutu ba.

'Yan uwana masu ɗauko rahoto, da masu tace labari, da masu fassara, da ku da ke zama gaban makirfo da asuba kuna karanta kanun jaridu, da ku nake magana. Na san yadda aikin yake. Albashi ba ya kai wata, motar Maraba ko ta Kubwa ta cinye rabinsa, edita na jiran labari kafin ƙarfe shida, mai kula da shafin intanet kuma yana ƙirga waɗanda suka latsa. A cikin wannan matsi nake gaya muku cewa akwai wani iko a hannunku wanda likita ba shi da shi. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200. Mai fama da tunanin kashe kansa zai iya shekara bai ga ko ɗaya daga cikinsu ba, amma yau da dare zai ji muryarka a rediyo, ko ya karanta kanun da kika rubuta a wayarsa.

Kada wani ya ɗauka wannan zancen tausayi ne kawai. An auna shi. A 1974 wani masanin halayyar jama'a a Amurka, David Phillips, ya bi diddigin labaran kashe kai da aka buga a shafin farko na jaridu, ya ga cewa adadin masu kashe kansu na ƙaruwa a watan da ya biyo baya, kuma gwargwadon yayata labarin, gwargwadon ƙaruwar. A birnin Vienna na ƙasar Ostiriya, daga 1984 zuwa tsakiyar 1987, mutane sun yi ta kashe kansu a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa, jaridu na bugawa da manyan baƙaƙe. Sai masana suka zauna da 'yan jarida, aka amince a daina kururuta labarin, a daina kai shi shafin farko, a daina bayyana yadda aka yi. Cikin wata shida mutuwa da yunƙurin mutuwa a tashoshin suka ragu da fiye da kashi 75 cikin 100, suka kuma zauna ƙasa shekaru da dama. Ba a gina katanga ba, ba a ƙara 'yan sanda ba, editoci ne suka sauya hali. A 2020 mujallar likitoci ta BMJ ta buga nazarin da ya tattara bincike daga ƙasashe da yawa, wanda ya nuna cewa bayan yayata mutuwar wani shahararre adadin na ƙaruwa da kimanin kashi 13 cikin 100, idan kuma an faɗi hanyar da ya bi, mutuwa ta wannan hanyar na ƙaruwa da kimanin kashi 30.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya taɓa zama da mai wannan lalura. Yawancin waɗanda suka kai wannan gaɓa zuciyarsu a rabe take, rabi na son mutuwa, rabi na neman abin da zai riƙe. Lokacin tsananin kuma gajere ne, wani lokaci mintoci, wani lokaci sa'o'i, idan ya wuce mutum na iya rayuwa shekara arba'in bai sake komawa can ba. Abin da ya rage tsakaninsa da aikatawa a wannan daren shi ne bai san yadda zai yi ba, ko yana tsoro. Labarin da ya faɗi hanya ya cire masa na farko. Labarin da ya nuna wani mai kama da shi, sa'ansa, mai irin bashinsa, ya yi kuma ana ta jimaminsa, ya cire masa na biyu.

Bari mu ɗauki aiki a hannu. A ce ƙarfe huɗu na yamma sanarwar 'yan sanda ta shigo zauren Wasaf na masu ɗauko labarin laifuffuka: an tsinci gawar wani matashi a ɗakinsa a wata unguwa ta gefen birni. Sanarwar ta zo da sunansa, da layin gidansu, da abin da ya yi amfani da shi, da takardar da ya bari, har da hoto. Wakilinka ya garzaya, maƙwabta suka ce budurwarsa ce ta auri wani. Ya turo maka labari mai kanu kamar haka: matashi ya sheƙe kansa da abu kaza saboda budurwa ta yaudare shi. Kai ne a kan tebur. Me za ka yi?

Tambayar farko, wa ya tabbatar da cewa kashe kansa ya yi? Maƙwabci ba likita ba ne, kakakin 'yan sanda ma sau da yawa abin da aka gaya masa yake maimaitawa. Idan ba a kammala bincike ba, ka rubuta cewa an same shi ya rasu, 'yan sanda na bincike. Wannan taka-tsantsan yana kare gaskiya ta fuska biyu, domin an sha kashe mutum a ce shi ya kashe kansa. Ina so a ji ni da kyau a nan: idan mutum ya mutu a hannun hukuma, a ofishin 'yan sanda ko a gidan gyaran hali, aka ce kashe kansa ya yi, ƙa'idar da nake kira gare ta ba ta ce ka yi shiru ba. Ka tona, ka nemi rahoton binciken gawa, ka tambayi wa ke gadi a daren. Abin da aka hana ka shi ne koya wa mai karatu hanya, ba a hana ka tuhumar masu iko ba.

Sai ka cire hanyar gaba ɗaya, daga kanu, daga cikin labari, daga hoto. Ba sunan abu, ba yawansa, ba farashinsa, ba inda ake sayarwa, ba cewa cikin minti kaza ya cika. Wurin ma haka. Ka ce a yankin ƙaramar hukuma kaza, ka tsaya nan. A watan Maris na 2017 wani likita ya kashe kansa a wata gada a Legas, labarin ya karaɗe ƙasa da sunan gadar da hotonta, cikin kwanaki kaɗan aka riƙa ceto wasu da suka nufi wannan wuri. Abuja na da nata gadoji da duwatsu da dogayen gine-gine, kada alƙalaminka ya mayar da ɗayansu wurin da mai ƙunci zai tuna. Idan labarin na hukuma ne, kamar hana sayar da wani magani, dole ka ambaci abin da aka hana don manomi da mai kanti su sani, amma ka raba shi da labarin wani mamaci, kada ka jera su a shafi ɗaya.

Takardar da ya bari ba taka ba ce. Ta iyalinsa ce da masu bincike. Mutum ya rubuta ta a cikin mafi duhun sa'arsa, sau da yawa tana ɗora laifi a kan wani da zai rayu da wannan tabo, uwa ko mata ko yarinyar da ba ta yi komai ba face auren wanda aka ba ta. Kuma mai irin ciwonsa idan ya karanta, muryar kansa yake ji a ciki.

Yanzu ga kalmar da ta fi kowace haɗari a kanun nan: saboda. Saboda budurwa, saboda bashi, saboda ya faɗi jarabawar shiga jami'a, saboda kishiya. Mu masu labari muna son dalili guda mai tsafta, domin yana shiga kanu. Amma a ranar da wannan matashi ya mutu, samari nawa ne a Abuja aka ƙi su suka kwana suna kuka, suka tashi da safe suka tafi aiki? Abin da ya faru da budurwar, in ma gaskiya ne, shi ne na ƙarshe a jerin abubuwa: mai yiwuwa ciwon damuwa na watanni da ba a gane ba, rashin barci, shaye-shaye, rashin aiki, kaɗaici a birnin da ba shi da kowa. Idan ka rubuta saboda, ka yi ƙarya a matsayinka na ɗan jarida, ka kuma gaya wa kowane yaro da ya ga sakamakon jarabawarsa yau cewa ga abin da ake yi idan an faɗi. Ka rubuta abin da aka sani, sannan ka kira likitan ƙwaƙwalwa ya yi jimla biyu a kan cewa irin wannan mutuwa ba ta da sanadi guda, kuma ciwon damuwa na jin magani.

Kalmomin da muke ɗorawa a kan aikin su ma suna bukatar tacewa. Ya sheƙe kansa, ya aika kansa barzahu, ya baƙunci lahira da hannunsa, waɗannan salon labarin 'yan fashi ne, suna sa dariya a inda uwa ke kuka. Ya kashe kansa ya isa, a faɗe shi sau ɗaya a cikin labari, ba a kanu ba in da hali. Masu fassara daga Turanci ku kula, kada ku rubuta ya aikata kisan kai, domin a Hausa kisan kai kashe wani ne, kun mayar da mamacin mai laifin da bai yi ba. Ƙunar baƙin wake kuma ta masu tayar da bam ce, ba ta da wuri a nan. Kada a ce ya yi nasarar kashe kansa, ko yunƙurinsa bai yi nasara ba. Wace nasara? Wanda aka ceto ya rayu ne, haka za a rubuta. Haka nan ya huta da wahalar duniya, wannan jimla ce mai taushi a baki, amma talla ce ga wanda ya gaji.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, na masu yanke hukunci. Addininmu ya haramta kashe kai, babu Musulmi ko Kirista da ke jayayya a kan haka, kuma wannan haramci na riƙe mutane da yawa. Amma makomar wani bawa a lahira ba ta cikin abin da wakili zai iya tabbatarwa daga majiya biyu. Mafi yawan malaman fiƙihu sun tafi a kan cewa Musulmin da ya kashe kansa ana yi masa wanka da salla a binne shi cikin Musulmi. Idan za ka gayyato malami cikin shirinka, ka zaɓi wanda zai ce wa mai sauraro neman magani ba raunin imani ba ne, addu'a da asibiti ba sa karo. A shirin kiran waya kuwa, mai gabatarwa, yatsanka ya kasance kusa da maɓalli. Mai kira ya fara bayyana yadda aka yi ko ya fara tsine wa mamaci, ka katse cikin ladabi. Magana zarar bunu ce, balle a rediyon da ake ji daga Suleja har Keffi.

Idan matashin nan bai mutu ba fa, an kai shi asibiti ya farfaɗo? A nan ne ɗan jaridar Abuja ya kamata ya san doka. Babban Birnin Tarayya da kundin Final Kod yake aiki, irin na jihohin Arewa, kuma sashe na 231 ya sa yunƙurin kashe kai cikin laifuffuka, hukuncinsa ɗaurin da zai iya kai shekara guda, ko tara, ko duka biyu. A yawancin jihohin Kudu sashe na 327 na nasu kundin ne ya yi irin wannan tanadi. A watan Yulin 2024, da wani mutum ya hau wani dogon ƙarfe a Abuja yana kokawa da tsadar rayuwa, aka lallashe shi ya sauko, yunƙurin kashe kai na cikin tuhumar da 'yan sanda suka ambata. Ghana ta cire wannan daga jerin laifuffuka a 2023. A nan ma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, a ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate, ta ƙaddamar da tsarin ƙasa na rigakafin kashe kai a 2023, ta kuma kafa kwamiti a watan Oktoban 2024 don a gyara dokar. Muddin sashen yana cikin kundi, buga suna da fuskar wanda ya rayu daidai yake da miƙa shi ga tuhuma, ban da korar aiki, da fasa aure, da nuna shi da baki a layinsu. Kuma duk iyalin da suka karanta sun koyi darasi: idan namu ya yi, mu ɓoye shi a ɗaki, kada mu kai shi asibiti. Ka sakaya sunansa. Ka kuma ɗauki batun gyaran dokar a matsayin labarin da za ka bi har Majalisar Dokoki ta Ƙasa, ga ta nan kusa da kai.

Lalurar ƙwaƙwalwa ma haka take bukatar hannu mai sanyi. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu aka bayyana a watan Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 mai tushe tun 1916, ta kuma ba masu lalurar haƙƙin sirri da kariya daga wariya. Doka ta bar waccan kalma, mu me muke jira? Mahaukaci, sabon kamu, gidan mahaukata, a bar su. A ce mai fama da lalurar ƙwaƙwalwa, a ce asibitin ƙwaƙwalwa, in likita ya faɗi sunan ciwon a faɗe shi, domin ciwon damuwa daban, farfaɗiya daban, ruɗewar da ƙwaya ke jawowa daban. Idan an yi kisa, maƙwabta suka ce ai dama yana da taɓin hankali, kada ka kai shi kanu sai likita ko kotu ta tabbatar kuma yana da alaƙa da abin da ya faru. Mafi yawan masu wannan lalura ba sa cutar da kowa, su ake cuta. Da aka buɗe gidan marin nan na Rigasa a Kaduna a watan Satumban 2019, aka fito da mutane sama da 300, wasu da mari a ƙafa, aikin jarida ne ya sa duniya ta sani, abin alfahari ne. Amma ana iya nuna sarƙa da tabon bulala ba tare da nuna fuskar yaron da zai nemi aure bayan shekara goma ba.

Za a ce maka ai hoton ya riga ya zaga Tiktok da Fesbuk, mu kaɗai za mu bari? I, ku bari. Abin da ke yawo a waya jita-jita ne har sai gidan jarida mai suna ya buga, daga nan ya zama tarihi, ya zauna a intanet, ɗan mamacin zai girma ya rubuta sunan ubansa ya gani. Kuma masu shafukan nan daga gare ku suke kwafa. Idan kuka tsaftace, rabinsu tsaftataccen za su kwafa.

To me ya rage a labarin bayan duk wannan yanka? Abin da ya fi amfani. An rasa wani matashi, 'yan sanda na bincike, iyali na cikin makoki, kuma ba a cusa musu makirfo a kwana ukun zaman gaisuwa ba. Sai alamomin da ɗan uwa zai lura da su: mutum ya janye daga jama'a, ya daina barci, yana cewa shi kaya ne a wuyan mutane, yana rabar da abubuwansa, yana neman yafiya ba dalili. Sai a gaya wa mai karatu cewa tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta sa masa tunanin, sau da yawa ma ita ke buɗe bakinsa. Sai inda za a je: sashen ƙwaƙwalwa na Babban Asibitin Ƙasa, ko na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada, ko na Babban Asibitin Karu, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da lambar gaggawa ta 112. Akwai ƙungiyoyi irin su SURPIN, wadda aka kafa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a 2017, masu layukan waya na ba da shawara. Kafin ka buga kowace lamba, ka kira ta da kanka, ka ji ana ɗauka, ka tambaya ko akwai mai jin Hausa. Wanda ya tattara ƙarfinsa ya kira ya ji layi a kashe, ka ƙara masa nauyi ne.

Akwai labarin da ya fi wannan, kuma shi nake so ku yi gasar nema. A 2010 Thomas Niederkrotenthaler da abokan bincikensa a Vienna suka gano cewa labaran mutanen da suka shiga wannan ƙunci suka fita da ransu na tafiya tare da raguwar kashe kai. Irin waɗannan mutane suna nan cikinmu, a kasuwar Wuse, a sakatariyar tarayya, a tashar Jabi. Hauwa Ojeifo, wadda ta kafa ƙungiyar She Writes Woman a 2016, ta fito fili ta yi maganar lalurarta da yadda take rayuwa da ita. Ku nemo masu irin wannan labari da Hausa, da yardarsu, bayan sun warware, a sakaya suna in sun so, a tambaye su wa suka fara gaya wa, me aka yi musu a asibiti, nawa suka kashe, yaushe suka fara jin sauƙi.

Hukumar Lafiya ta Duniya na da ɗan littafin jagora ga 'yan jarida a kan wannan batu, bugun baya-bayan nan na 2023, kyauta ne a intanet. A taron editoci na mako mai zuwa ɗaya daga cikinku ya miƙe ya ce a fitar da shafi guda daga ciki da Hausa, a liƙa a bangon ɗakin labarai, tare da sakin layin neman taimako da aka riga aka rubuta aka gwada lambobinsa, don kada a tsaya nemansa ƙarfe shida saura kwata. Ku kai maganar sakatariyar ƙungiyar 'yan jarida da ke Utako, a sa ta cikin horon sababbin shiga. Wakilin da kuka tura ya ga gawa kuwa, idan ya dawo, edita ka ajiye alƙalami ka tambaye shi yadda yake, gobe ma ka sake tambayarsa.